Bayan an ware furotin: sitaci za a rage ko mai? Fashin baƙi ga mai son rage ƙiba

Tambayar da ake yawan yi a zaurukan masu rage ƙiba ita ce: na san yawan kalorin da zan ci a rana, na kuma san giram nawa na furotin nake buƙata, to abin da ya rage fa, tuwo da shinkafa zan ba shi ko mai? Wasu sun rantse cewa sitaci ne ke kawo teɓa, sun daina cin tuwo, sun koma ƙwai da nama da man shanu, tsarin da ake kira keto. Wasu kuma ba sa yarda ko ɗigon mai ya taɓa tukunyarsu, komai dafaffe ne da ruwa da gishiri. Kowane ɓangare yana da hoton wanda ya rame a kan tsarinsa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Abin da ya rage a fahimta shi ne dalilin da ya sa dukkansu suke ramewa, da kuma yadda mutum zai yi nasa rabon da abincin da ake dafawa a gidansa.

Mece ce "ragowar" da ake magana?

Kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki ne, kuma daga abubuwa uku yake fitowa. Furotin, wanda ake samu a nama da kifi da ƙwai da wake da nono, giram ɗaya yana ba da kalori 4. Sitaci da sukari, waɗanda masana ke haɗawa su kira kabohaidiret, su ma giram ɗaya kalori 4 ne. A nan zan riƙa cewa sitaci kawai, amma ina nufin duka biyun, tun daga tuwo da doya har sukarin shayi. Mai kuwa, ko na gyaɗa ne ko manja ko kitsen nama, giram ɗaya kalori 9 ne, wato ya ninka sauran har da ɗoriya.

Ana fara ware furotin ne saboda shi ke kare tsoka lokacin da jiki ke ramewa, kuma ya fi sauran riƙe ciki. Idan an cire kalorinsa daga kason rana, abin da ya saura shi ne ragowar.

Mu ɗauki misalin wata malamar makaranta mai nauyin kilo 85, wadda aka tsara wa kalori 1,700 a rana da furotin giram 110. Furotin ɗin ya cinye kalori 440. Saura 1,260. Wannan adadin shi ne za a raba tsakanin sitaci da mai, kuma ba ya ƙaruwa. Duk abin da aka ƙara wa ɗaya, daga kason ɗayan aka yanko shi. Giram 10 na mai yana daidai da kusan giram 22 na sitaci. A kicin, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120 zuwa 125, kusan daidai da giram 100 na dafaffiyar shinkafa. Wanda ya riƙe wannan musaya a kansa ya riga ya fahimci rabin maganar.

Me bincike ya nuna da aka gwada ɓangarorin biyu?

Hujjar masu gudun sitaci tana da kan gado a ido. Suna cewa sitaci yana ɗaga sinadarin insulin, insulin kuma yana sa jiki ya adana kitse, don haka idan aka rage sitaci kitse zai narke ko da kalori bai canza ba. Gaskiya ne insulin yana tashi bayan cin tuwo, kuma yana rage fitar kitse daga ma'ajinsa na 'yan awoyi. Amma jiki ba a awa uku yake rufe lissafinsa ba. Wanda ya ci mai da yawa yana ƙona mai da yawa, sai dai mafi yawan abin da yake ƙonawa man da ya ci ne, ba na cikinsa ba.

An gwada wannan a aikace. A 2018 aka fitar da sakamakon wani bincike da Christopher Gardner ya jagoranta a jami'ar Stanford da ke Amurka. Mutum 609 aka raba gida biyu, wasu suka rage mai, wasu suka rage sitaci, aka bi su tsawon shekara guda. Masu rage mai sun sauke kimanin kilo 5.3, masu rage sitaci kimanin kilo 6. Tazarar ba ta kai a ce wani tsari ya fi wani ba. Masu binciken sun kuma auna yadda jikin kowa ke fitar da insulin tun kafin a fara, don su ga ko hakan zai nuna wanda tsarin rage sitaci zai fi karɓa, bai nuna ba. Abin da ya fi jan hankalina a wannan binciken shi ne, a kowane gida akwai waɗanda suka sauke fiye da kilo 20, akwai kuma waɗanda ƙiba suka ƙara. Bambancin da ke tsakanin mutum da mutum ya fi na tsari da tsari girma nesa ba kusa ba.

Kafin nan, a 2009, binciken Frank Sacks na jami'ar Harvard ya bi mutum 811 na shekara biyu a kan rabo iri huɗu, ya samu abu makamancin haka. Sannan a 2017 Kevin Hall da abokin aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 32 waɗanda a cikinsu masu bincike ne ke ba da abincin da hannunsu, kalori ɗaya, furotin ɗaya, sitaci da mai kaɗai ake sauyawa. Ɗan bambancin da suka gani, kimanin giram 16 na kitsen jiki a rana, ɓangaren rage mai ya karkata, kuma ƙanƙantarsa ba ta isa a gina tsari a kai ba.

Saboda haka, muddin kalori da furotin suna nan yadda aka tsara, rabon ragowar ba shi ne ke yanke yawan kitsen da za a sauke ba. Aikinsa daban ne: shi ke yanke ko mutum zai iya jure tsarin wata shida ba tare da yunwa da kasala sun kayar da shi ba.

To me ya sa sikeli ke sauka da sauri idan an bar tuwo?

Wannan shi ne abin da ya fi ruɗar mutane, kuma yana da bayani mai sauƙi. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka a wata siffa da ake kira glaikojin, kimanin giram 100 a hanta da kimanin 400 a tsoka ga babban mutum. Kowane giram ɗinsa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan aka yanke sitaci, ajiyar tana raguwa cikin 'yan kwanaki, ruwan ya fita ta fitsari, ƙoda ma ta ƙara zubar da gishiri. Sai mutum ya hau sikeli a ƙarshen makon farko ya ga kilo biyu sun tafi, ya ce ya gano sirri.

Ranar da ya je biki ya ci shinkafa da waina, washegari sai ya ga kilo ɗaya da rabi ya dawo, hankalinsa ya tashi, ya ce sitaci guba ne a jikinsa. Alhali kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, ba abin da faranti biyu za su gina a dare ɗaya ba ne. Ruwan ne ya koma mazauninsa. Don haka duk wanda ya sauya rabonsa, kada ya yanke hukunci da abin da sikeli ya nuna a mako biyun farko.

Ƙasan da bai kamata a wuce ba

Duk da cewa rabon yana da faɗi, akwai iyaka ta ƙasa, kuma ta mai ce ta fi muhimmanci. Jiki ba ya iya ƙera wasu nau'o'in mai da kansa, dole daga abinci za su zo. Bitamin A, D, E da K kuma sai da mai hanji ke tsotse su sosai, shi ya sa kwaɗon zogale da ɗan ƙuli ya fi amfanar jiki a kan zogalen da aka ci gaya. Akwai kuma batun maɗaciya. Mai ne ke sa ta matse ta zubar da ruwanta cikin hanji. Idan mutum yana ramewa da sauri kuma kusan ba ya cin mai, ruwan yana daɗewa a kwance, haɗarin samun tsakuwa a maɗaciya ya ƙaru. Mata sun fi maza fuskantar wannan.

Ma'aunin da hukumomin abinci na Amurka suka bayar ga manya shi ne mai ya kasance kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na kalorin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a tsaya a kashi 30 ko ƙasa da haka. Ga malamarmu, kashi 20 na 1,700 shi ne kalori 340, wato giram 38. Ni ina ganin gara a ɗan ɗaga sama da haka, a sa mata ƙasa a giram 45, domin abincin da ya gaza wannan yawanci ba ya da daɗin da za a daɗe ana cinsa.

Sitaci ba shi da irin wannan iyakar ta dole, domin hanta tana iya haɗa sukarin jini daga wasu abubuwa. Amma akwai adadin giram 130 a rana da aka ƙiyasta daga abin da ƙwaƙwalwa ke amfani da shi, kuma alama ce mai kyau ga yawancin mutane. Ƙasa da haka, da wuya a samu giram 25 na faiba da ake so a rana, wato ɓangaren hatsi da wake da ganye da ba ya narkewa, wanda ke sa bayan gida ya yi laushi.

Idan muka sa wa malamar mai giram 45, sitacinta zai kai giram 214. Idan muka sa mata sitaci a 130, man zai kai giram 82. Duk wani rabo tsakanin waɗannan biyun halal ɗinta ne. Tsakiyarsu, wato mai giram 60 da sitaci giram 180, wuri ne mai kyau na farawa.

Inda lissafi ke karyewa a tukunyarmu

Nan ne nake son a tsaya, domin yawancin waɗanda suka ce sun bi lissafi bai yi musu aiki ba, a nan suka faɗi. Furotin ba ya zuwa shi kaɗai. Ƙwai yana zuwa da mansa, wake yana zuwa da sitacinsa, gyaɗa kuwa kusan rabin nauyinta mai ne. Kafin mutum ya cika giram 110 na furotin, ya riga ya ci wani kaso mai tsoka na ragowar bai sani ba.

Mu bi ranar malamar a kan rabon 60 da 180. Da safe ta ci dafaffen ƙwai biyu da kofin nono ba sukari. Da rana ta ci dafaffen wake giram 200 da gasasshiyar karfasa giram 100. Da dare ta ci tuwon masara da aka tuƙa da garin da ya kai giram 120, da miyar kuka da naman kaza giram 120 wanda aka cire wa fata. Wannan ya kusan cika mata furotin ɗinta. Amma ƙwan nan biyu sun zo da mai giram 10, kaza da kifi da nono da garin masara sun ƙara kimanin 16. Ga giram 26 na mai ya tafi ba ta ko taɓa kwalbar mai ba. Ta ɓangaren sitaci, tuwon ya ɗauki kimanin 90, waken ya ɗauki kimanin 42, nonon 12, jimla 144.

Abin da ya rage mata a zahiri shi ne mai giram 34 da sitaci giram 36. Wato cokali biyu da rabi na mai na yinin gaba ɗaya, har da wanda ke cikin miya, sai lemo ɗaya ko yankan gwanda, da albasa da tumatirin girki. Da a ce ta ɗauka giram 60 ɗin nan duk man zubawa ne, da ta zarce da kalori sama da 200 kullum, kusan rabin giɓin kalorin da ake so ta samu tsakanin abin da take ci da abin da jikinta ke ƙonawa kenan.

Sai kuma tukunyar gida, wadda ba don mutum ɗaya ake ɗora ta ba. Ba wanda zai iya auna man da ke cikin ludayin miyar da aka zuba masa, amma ana iya auna wanda ya shiga tukunya. Idan aka soya miyar dage-dage da rubu'in lita na mai, wato kimanin giram 230, mutum takwas suka ci, kowa ya sha kusan giram 29, kalori wajen 260. Miya ɗaya ta kusan cinye wa malamar kasonta na yini. Idan aka rage man tukunyar zuwa rabi, miyar ba za ta lalace ba, kuma kowa a gidan ya amfana. Wata dabarar ita ce a bar miyar ta ɗan lafa, man ya taso, a ɗebar mata daga ƙasa. Miyar kuka da kuɓewa da karkashi suna da sauƙi a nan domin ba sa neman mai da yawa, saɓanin taushe da miyar gyaɗa da agushi, waɗanda mansu a cikin ƙwayar yake ko ba a ga yana yawo a sama ba.

Abincin da ya fi wahalar sarrafawa shi ne wanda ya haɗa sitaci da mai wuri guda: waina, fanke, ƙosai, soyayyar doya, cincin, shinkafa da wake da aka malale da mai da yaji. Ba haramun ba ne ga mai rage ƙiba, sai dai suna cin kaso biyu lokaci ɗaya kuma ba sa saurin ƙosarwa. Awara ma haka take. Kafin a soya ta abinci ce mai kyau ta furotin, bayan ta fito daga kasko ta sha man da ba a lissafa ba. Mutane da yawa da suka ce barin sitaci ne ya ramar da su, idan ka bi diddigi za ka tarar irin waɗannan suka bari, tare da lemon kwalba, wanda rabin litarsa ke ɗauke da sukari sama da giram 50.

Wa ya kamata ya karkata ina?

Abu na farko da za a duba shi ne aikin jiki. Mai noma, mai dako, mai buga ƙwallo ko ɗaga ƙarfe, tsokarsa glaikojin take ƙonawa idan aiki ya yi zafi. Irin wannan ya tsaya kusa da ƙasan mai, ya bai wa sitaci sauran. Mai zaman ofis ko shago wanda tafiya ce kawai motsa jikinsa, yana da 'yancin zaɓar duk inda ya fi masa daɗi.

Na biyu shi ne yunwa, kuma nan mutane sun bambanta ƙwarai. Akwai wanda idan bai ga tudu a faranti ba, cikinsa ba ya yarda ya ci abinci. Wannan sitaci mai ruwa da faiba ne abokinsa, irin su wake, dankalin Hausa, fate da ganye, dambu, domin kalori 125 na dankali ya cika hannu, na mai kuwa cokali ɗaya ne. Akwai kuma wanda idan ya sha koko da safe, kafin ƙarfe goma hannunsa na rawa, amma idan ya ci ƙwai da ɗan mai sai ya kai azahar lafiya. Wannan ya matsa wajen mai giram 70 zuwa 80.

Na uku, wanda ake yawan mantawa, shi ne aljihu da zaman gida. A gidan da tuwo ne abincin dare, tsarin da ya hana tuwo yana nufin tukunya biyu da kuɗin cefane biyu, ga surutun 'yan uwa. A ganina, ga yawancin mutanenmu, ya fi sauƙi a riƙe tuwon a rage malmalar, a kuma sa ido a kan mai, a kan a ɗauko tsarin da ba zai wuce wata ɗaya ba.

Wanda ya zaɓi ɓangaren mai ya kula da irin man. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai mai daskarewa, irin na man shanu da kitse, kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalori, wato kimanin giram 19 ga malamarmu. Manja ma kusan rabinsa irin wannan ne. Ƙarin ya fito daga gyaɗa, riɗi, man gyaɗa, man waken suya da kifi mai maiƙo, domin yawan mai daskarewa yana ɗaga kolestarol mai cutar da jijiyoyin jini.

Masu ciwon sukari kuwa maganarsu daban ce. Rage sitaci yana iya taimaka musu wajen daidaita sukarin jini, amma wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenkilamaid, idan ya yanke tuwo bai rage magani ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Wannan ba ya taɓa rabonsa sai da sanin likitansa. Mai juna biyu da mai ciwon ƙoda su ma ba da wannan lissafin za su yi aiki ba.

Yadda za a gane rabon bai zauna ba

A riƙe rabon farko mako uku ba tare da sauyi ba. A hau sikeli da safe bayan an zaga, kafin a ci komai, sau uku ko huɗu a mako, a ɗauki matsakaicinsu, a kuma auna ƙugu da tef a daidai cibiya sau ɗaya a mako. Ga mai kilo 85, saukar kimanin rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau. Mata su kwatanta mako da takwaransa na watan da ya wuce, domin gab da al'ada jiki yana riƙe ruwa.

Idan sitaci ya yi kaɗan, alamunsa su ne ƙafa ta yi nauyi a wajen aiki ko motsa jiki, ciwon kai, saurin fushi, taurin bayan gida, wani lokacin da rashin barci. Idan mai ne ya yi kaɗan, mutum zai ci ya cika ciki amma ransa bai kwanta ba, bayan awa ɗaya yana neman abin taɓawa, kuma da dare ne yawanci tsarin ke rushewa a gaban mai suya ko mai shayi. Ɗaukewar al'ada ko rikicewarta alama ce cewa abincin gaba ɗaya ya yi kaɗan, ba rabon kaɗai ba, kuma tana buƙatar ganin likita.

Gyaran kaɗan-kaɗan ake yinsa. A ce malamar ta yi mako uku, nauyi yana sauka, amma tana jin jiri a aji na ƙarshe kafin a tashi. Sai ta cire cokali ɗaya na mai daga girkin dare, ta mayar da shi dafaffen dankali kimanin giram 150 a abincin safe. Rabonta ya koma mai 46 da sitaci wajen 210, kalori bai motsa ba. Ta sa rai sikeli zai ɗan hau da rabin kilo a kwanakin farko saboda ruwa, kada ta firgita.

Idan kuwa mako uku sun wuce, nauyi da ƙugu duk ba su motsa ba, to ba rabon ne matsalar ba, kuma juya sitaci zuwa mai ba zai gyara komai ba. Kalori ne ke shigowa ta inda ba a lissafa ba. Ta ɗauki mako guda tana auna man da ke shiga tukunya da cokali maimakon tsiyayawa daga galan, ta rubuta sukarin shayi da kunu da zoɓo, da gyaɗar da ake ɗan watsawa a baki, da lomar ɗanɗanon girki. Sai bayan wannan makon, idan lissafin ya fito daidai kuma nauyin na nan, za ta rage kalori 100 zuwa 150, ta cire shi daga ɓangaren da ya fi nisa da ƙasansa, ta bar furotin ɗinta yadda yake.